Tsara Rubutun Wata Guda a Shafin Kasuwanci

Jadawalin wallafa takarda ce da mai shafin kasuwanci yake rubuta abin da zai fitar a Instagram, Facebook ko WhatsApp kafin ranar ta zo. Ana iya yin sa a littafin makaranta da aka ja wa layi, ana kuma iya yin sa a Google Sheets domin ya kasance a waya. Kowane layi wallafa guda ce, kuma a gabanta akan rubuta kwanan wata, da irin wallafar, da hoton ko bidiyon da za a sa, da rubutun da zai zauna a ƙasan hoton, da abin da ake so mai karatu ya yi idan ya gama karantawa. Akan bar gida ɗaya babu komai a ƙarshen layin, domin rubuta abin da wallafar ta haifar bayan kwana biyu ko uku. Yawancin masu jadawali sukan cike gidajen farko su manta da wannan na ƙarshe, alhali daga cikinsa ake samun abin gina wata mai zuwa.

Wallafar shafin kasuwanci iri uku ce. Akwai ta ilmantarwa, wadda take koya wa mutum wani abu da zai amfane shi ko bai sayi komai ba. Akwai ta jan hira, wadda take neman mabiya su yi magana, su zaɓa, ko su faɗi abin da ke damun su. Akwai kuma ta talla, wadda take cewa ga kaya, ga farashi, ga yadda za a saya. Littattafan talla sukan ba da ƙa'idar kashi 80 da kashi 20, wato a cikin wallafa goma, biyu kaɗai su zama talla. Wannan ma'auni ne na jan kunne kawai, kuma ƙaramin ɗan kasuwa da ke cin abinci daga cinikin yau zai iya kai tallarsa kashi ɗaya cikin huɗu ba tare da ya gundiri kowa ba. Abin da ya fi yawan adadi tasiri shi ne jeri: wace wallafa ce ta zo kafin wace. Jadawali mai kyau daga ranar ciniki ake fara shi a dawo baya, ta yadda kowace talla za ta tarar an riga an share mata hanya.

Daga ranar ciniki zuwa baya

Misali zai fi fito da wannan fili. A ɗauka wata mata ce a Kano take haɗa turaren wuta da humra irin na Maiduguri, tana sayarwa ta Instagram da WhatsApp. Watan da take son tsarawa shi ne wanda ke gab da azumi, lokacin da bukukuwan aure suke yawaita saboda iyalai na son a kai amarya kafin a ga wata. Burinta guda ne: ta sayar da saiti 30 na kayan ƙamshin amarya, kowane saiti da turaren ɗaki, da turaren kaya, da kwalbar humra. Rubuta wannan buri a saman takarda shi ne matakin farko, domin shi zai yanke hukunci a kan duk wani tunanin da zai zo daga baya. Duk wallafar da ba ta taimaki waɗannan saiti 30 ba, ko da tana da daɗi, sai ta jira wani watan.

Mataki na biyu bai shafi waya ba. Matar za ta duba yaushe kayan za su kammala. Turaren da aka haɗa yana son kwanaki a rufe kafin ƙamshinsa ya zauna, kwalabe da leda sai an sayo, sannan saƙon da za a ba direba a tasha zuwa Kaduna ko Gusau yana iya ɗaukar kwana ɗaya ko biyu. Idan lissafinta ya nuna kaya za su haɗu ranar 12 ga wata, to ba ta da damar buɗe karɓar oda kafin ranar 13. Tallar da ta riga kaya fitowa takan jawo abin da ya fi rashin talla muni, wato mutum ya turo kuɗi ya zauna yana jira, yana tambaya ana ba shi haƙuri. Ranar rufewa kuma takan yi kyau ta faɗo bayan 25 ga wata, lokacin da albashi ya fara shiga hannun ma'aikata da yawa. Don haka ta tsayar da 13 ranar buɗewa, 27 ranar rufewa.

Sai yawan wallafa. Mace ɗaya da take haɗa kaya, take ɗaukar hoto, take amsa saƙonni, ga hidimar gida, wallafa huɗu a mako ta ishe ta. Wanda ya ɗaura wa kansa wallafa kullum yakan yi ƙarfi a makon farko, ya yi shiru a na uku, daidai lokacin da cinikin yake buƙatarsa. A ce 1 ga wata ta kama Litinin, kuma matar ta zaɓi Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar. Wannan zai ba ta gurbi 17 a watan. Za ta fara cike na talla, domin su ne ginshiƙai: Asabar 6, Asabar 13, Asabar 20, da Juma'a 26. Sai na jan hira guda huɗu: 3, 12, 17 da 29. Sai na ilmantarwa guda bakwai: 1, 5, 8, 10, 15, 19 da 22. Ranakun 24 da 27 ta bar su babu komai da gangan, domin abin da ba a zata ba.

Tallolin nan huɗu ba maimaicin juna ba ne. Ta ranar 6 ƙaramar talla ce ta kayan da ke ƙasa, misali ƙaramar kwalbar humra da mutum zai saya ya gwada kafin ya yarda da babban saiti. Ta ranar 13 ita ce buɗe oda, da cikakken bayani. Ta ranar 20 shaida ce: saƙon wata da ta karɓi nata ta yaba, tare da faɗin adadin da ya rage. Ta ranar 26 tunatarwa ce cewa gobe za a rufe. Idan aka sa hoto ɗaya da rubutu ɗaya sau huɗu, ido yakan saba da shi ya wuce, amma idan kowace tana ɗauke da sabon labari, wanda ya ga ta farko yana da dalilin karanta ta uku.

Yadda sauran suke share wa talla hanya

A nan ne jadawali yake nuna amfaninsa. Ranar Litinin 1 ga wata, matar ta wallafa bayanin bambancin turaren ɗaki da turaren kaya, da dalilin da ya sa ake turara kaya a kan kabbasa maimakon a kusantar da su ga kasko. Ba ta ambaci sayarwa ba. Amma wanda ya karanta ya gane cewa turare ɗaya ba ya aikin biyu, kuma wannan fahimtar ce za ta sa saiti mai kaya uku ya yi masa ma'ana ranar 13. Ranar Laraba 3 ta yi tambaya: a kayan ƙamshin amarya, me ya fi ba mutane wahala, zaɓe, ko farashi, ko gane na kirki? Amsoshin da za su zo su ne za su cike gurbin ranar 10, wanda ta rubuta a jadawali cewa amsar tambayar da ta fi yawa ce. Ta haka jan hira yake ciyar da ilmantarwa, ilmantarwa kuma take ciyar da talla.

Ranar 5 ta koyar da kunna turare: a bar garwashi ya kama sosai har toka ta ɗan lulluɓe shi kafin a zuba, domin wuta mai ruruwa ƙona turaren take yi ya koma ƙauri. Ranar 8 ta yi bayanin ajiyar humra, a rufe bakin kwalba sosai, a nisanta ta da rana da zafi, a kuma gwada a gefen tufa na ciki kafin a shafa wa farar shadda saboda maiƙo. Ranar 12, jajibirin buɗe oda, ta sa hotunan kwali biyu ta ce a zaɓa mata wanda za a sa saitin a ciki. Wanda ya zaɓa yakan so ya ga abin da aka yi da zaɓinsa, don haka washegari yana cikin masu dubawa.

Bayan buɗewa, ilmantarwar takan juya zuwa kawar da abin da ke hana mutum biya. Ranar 15 bayanin yadda ake naɗe kwalba a aika wani gari ba tare da ta zube ba, domin mai saye a Zariya abin da take tsoro ke nan. Ranar 19 bayanin yawan turaren da ke isar amarya wata guda. Ranar 22 gargaɗi a kan kunna garwashi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, musamman inda akwai jariri ko mai ciwon asma. Wannan na ƙarshe ba ya sayar da komai, har ma yana iya sa wani ya rage amfani da turare, amma irinsa ne mutane suke tura wa 'yan uwansu, kuma shi yake nuna cewa mai shafin ta san sana'arta kuma ba kuɗi kaɗai ne a gabanta ba.

Rubutun kansa

Instagram yana karɓar rubutu har harafi 2,200 a ƙasan hoto, amma layi ɗaya ko biyu na farko kaɗai yake nunawa kafin ya datse, sai mutum ya taɓa sannan ya ga saura. Saboda haka layin farko shi ne ke ɗauke da nauyin rubutun duka. Al'adar Bahaushe ita ce ya fara da sallama da gaisuwa, kuma babu wanda zai ce a bar ta, sai dai idan sallama da "barkanmu da warhaka, da fatan kowa yana lafiya" suka cinye layukan da ake gani, mai karatu bai ga dalilin taɓawa ba. Mafita ita ce a taƙaita gaisuwar, ko a sa zancen a gaba a biyo da ita.

Rubutun ilmantarwa na ranar 5 zai iya kasancewa haka: "Turarenki yana ƙauri maimakon ƙamshi? Sau da yawa laifin garwashi ne. Ki bar shi ya kama har toka ta lulluɓe shi, sannan ki zuba kaɗan. Idan hayaƙin ya fara canza wari, ki kwashe wanda ya ƙone kafin ki ƙara. Ki adana wannan saboda ranar da za ki buƙata." Darasi ɗaya ne a ciki, kuma buƙata ɗaya ce a ƙarshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a manna farashi da lambar waya a gindin irin wannan rubutu. Da zarar an yi haka ya koma talla, mai karatu ya ji kamar an yaudare shi da darasi, kuma lissafin jadawalin ya rushe, domin wallafa bakwai da aka ware wa ilimi sun zama talla a ɓoye.

Rubutun jan hira yana son tambayar da za a iya amsawa da kalma ɗaya ko biyu, kuma wadda amsarta za ta yi wa mai shafin aiki. "Me za ku ce?" tambaya ce da ba ta da bakin kamawa, shi ya sa ba a amsa ta. "Sandal ko hawi, wanne kika fi so a ɗakinki?" tana da sauƙi, kuma idan masu sandal suka rinjaya, mai kaya ta san abin da za ta ƙara haɗawa. Akwai wata hanya da ya kamata a guje wa, wato roƙon a danna alamar so ko a rubuta wata kalma ba don komai ba sai don shafin ya bunƙasa. Tun a 2017 kamfanin Facebook ya sanar da cewa zai riƙa rage yaɗuwar irin waɗannan wallafe-wallafe. Ko ba don haka ba, amsa ɗari da ba ta koya wa ɗan kasuwa komai ba, ba ta kai amsa goma da suka gaya masa abin da masu saye ke so ba. Ranar jan hira kuma rana ce ta zama kusa da waya, domin wanda ya yi tambaya ya ɓace, a karo na biyu ba za a amsa masa ba. Ya dace a sa ta a ranar da babu zuwa kasuwa ko biki.

Rubutun talla shi ne wanda kunya ta fi ɓatawa. Na ranar 13 ya kamata ya faɗi komai: "Saitin ƙamshin amarya ya fito, guda 30 ne kacal. A ciki akwai turaren ɗaki, turaren kaya da humra. Farashi naira kaza, kuɗin aikawa daban. Muna aikawa ciki da wajen Kano. Za a rufe karɓar oda Asabar 27 ga wata. Ki turo saƙo ta WhatsApp da sunan garinku." A gurbin "kaza" ainihin kuɗin ake sawa. Ɓoye farashi a ce sai an zo ta saƙo yana cika waya da masu tambaya waɗanda ba za su saya ba, yana kuma korar mai kuɗin da ba ta son ciniki mai tsawo. Adadin da aka faɗa dole ya zama gaskiya. Wadda ta ce saura biyar alhali ashirin ne a ƙasa, ta sake cewa saura biyar mako na gaba, mabiyanta za su lura. Haka nan kada a jingina wa kaya warkar da cuta ko mallake zuciyar miji, kuma kada a wallafa saƙon yabon mai saye sai da izininta, bayan an rufe sunanta da lambarta.

Ana rubuta duka a zama ɗaya ko biyu kafin wata ya shiga, ban da gurbin ranar 10 da ke jiran amsoshi da kuma adadin ranar 20. Rubutawa a jere yana bayyana abin da ba a gani idan ana yi kullum-kullum, misali a tarar rubutu biyar sun fara da kalma ɗaya. Hotuna ma a rana ɗaya ake ɗauka, da safe a inda haske yake shigowa, a sa wa kowanne lambar ranarsa. Ga Facebook da Instagram, manhajar Meta Business Suite tana ba da damar ɗora wallafa a sa mata rana da sa'a ta fita da kanta, kuma kyauta ce, abin da ke taimakawa inda wuta da sabis ba su da tabbas. Status na WhatsApp yana ɓacewa bayan sa'a 24, kuma waɗanda suka ajiye lambar juna da mai shafin ne kaɗai suke ganin sa. Waɗannan yawanci tsofaffin masu saye ne ko 'yan uwa, don haka suna jure talla fiye da baƙin Instagram, kuma rubutunsu gajere ne, layi biyu sun isa.

Inda jadawali yake karyewa

Wallafar da aka sa ta fita da kanta ba ta san abin da ya faru a gari ba. Idan aka wayi gari da rasuwar babban mutum, ko gobara a kasuwa, ko wani bala'i da ya taɓa jama'a, tallar da ta fito da fara'a a wannan rana takan bar tabo. Don haka kowane dare akan duba abin da zai fita gobe, a dakatar idan bai dace ba. Amfanin guraben 24 da 27 ke nan: abin da aka ɗage yana da inda zai sauka, jerin kuma bai wargaje ba. Ganin wata ma haka yake. Ranar fara azumi da ranar Sallah sai an ji sanarwa, a Nijeriya daga fadar Sarkin Musulmi, don haka akan rubuta gaisuwar a ajiye, amma ba a ɗaura mata sa'a. Idan kuwa saiti 30 suka ƙare ranar 18, tallar 20 da ta 26 sun mutu, sai a maye su da sanarwar cewa kaya sun ƙare da kuma lokacin da wasu za su fito.

Gidan ƙarshe na jadawalin ana cike shi ne daga Insights, wanda Instagram yake bai wa shafukan kasuwanci. Kowane iri da abin da ake auna shi da shi. Ilmantarwa ana duba mutum nawa suka adana ta ko suka tura wa wasu. Jan hira ana duba yawan amsoshi da abin da suka ƙunsa. Talla ana ƙirga saƙonnin da suka shigo da kuma waɗanda suka biya. Auna talla da yawan masu danna alamar so ɓata ne, domin takan samu kaɗan ko da ta yi ciniki, kuma wanda ya bi wannan ma'auni zai daina yin wallafar da take ciyar da shi. Tambayar kowane mai saye inda ya ga kayan tana cike abin da alƙaluma ba sa nunawa.

Daga waɗannan lambobi ake gane inda ciwon yake. A ce tallar ranar 13 ta kawo saƙo 20 amma mutum uku ne suka biya. Rubutun ya yi aikinsa tunda ya kawo mutane, matsalar tana cikin abin da ya biyo baya, sai a koma a karanta hirarrakin a ga inda suka tsaya. Idan a kan kuɗin aikawa ne, gurbin ranar 15 ya fayyace shi gari-gari. Idan a kan farashi ne, ana iya fitar da ƙaramin saiti a tallar ranar 20. Idan kuwa mutane da yawa sun ga tallar amma babu saƙo, laifin yana cikin rubutun ko hoton: wataƙila layin farko gaisuwa ce, ko an ba mai karatu hanya uku ya rasa wadda zai bi. Idan masu gani ne gaba ɗaya suka yi kaɗan, a duba sa'ar fitarwa a kwatanta da lokutan da Insights yake nuna mabiya sun fi kasancewa a kan waya.

Wata guda bai isa a yanke hukunci a kan komai ba, kuma idan aka sauya sa'a da hoto da salon rubutu a lokaci ɗaya, ba za a san wanne ya yi aiki ba, don haka abu ɗaya ake sauyawa a kowane wata. Gurbin Litinin 29 na godiya ne ga waɗanda suka saya, tare da tambayar abin da suke so a tanadar musu na Sallah. Amsoshin wannan rana, da darussa biyu da aka fi adanawa a cikin bakwai ɗin, su ake fara rubutawa a saman takardar wata mai zuwa kafin a tsayar da ranar buɗe oda.